Harsashi Huɗu a Ƙofar Makewayi

Mai karatu, a ce ƙarfe ukun dare ne, gida duhu, ka ji motsi a banɗakinka. Akwai bindiga a ƙarƙashin gadonka. Ƙasar da kake zaune ƙasa ce da 'yan fashi ke haurowa gidajen mutane, kai kuma ba ka da ƙafafun gudu. Me za ka fara yi? Za ka lalubi gefen gado ka tabbata wadda kuka kwanta tare tana nan, ko bindigar za ka fara laluba? Wani mutum a birnin Pretoria na Afirka ta Kudu ya ce shi bindigar ya laluba, kuma sai da kotunan ƙasarsa suka yi kusan shekara biyar suna auna wannan zaɓi nasa.

Sunansa Oscar Pistorius. An haife shi a 1986 babu wani ƙashi na ƙwauri a ƙafafunsa biyu, aka yanke su daga ƙasan gwiwa tun yana wata goma sha ɗaya. Da ƙafafun roba ya tashi, da su ya koyi gudu, har a 2012 ya shiga gasar Olamfik ta Landan ya yi tseren mita 400 da masu ƙafafu lafiyayyu, ya kai zagayen kusa da na ƙarshe. Duniya ta tafa masa. Wata shida bayan haka, kafin asubahin 14 ga Fabrairu 2013, ya harba harsashi huɗu a rufaffiyar ƙofar makewayin gidansa. A bayan ƙofar akwai budurwarsa Reeva Steenkamp, mai shekara 29, wadda ta karanta lauya kuma take sana'ar tallan kayan ƙawa. Uku daga cikin harsasan sun same ta, a ƙugu da hannu da kai. Ba ta kai wayewar gari ba.

To, ga abin da ya sa wannan shari'a ta fita daban. Ba a taɓa musu a kan wanda ya yi harbin ba, don shi da bakinsa ya amsa tun a daren. Bindigar tasa ce, yatsan da ya ja kunamarta nasa ne, likita kuma ya tabbatar harsasan ne ajalinta. Idan haka ne, me ya rage a yi shari'a a kai? Me ya sa ba a kai shi kurkuku washegari an huta ba?

Dalili shi ne a dokar manyan laifuka sai abu biyu sun haɗu kafin a kira mutum mai laifi. Na farko aikin da aka haramta, wanda lauyoyi ke kira aktus reyus da Latinanci: mutum ya aikata abu da ikon jikinsa, kuma wannan aikin ne ya jawo ɓarnar. Na biyu halin da zuciyarsa take ciki a lokacin, wato mens reya: ya nufa ne, ya sani ne, ko sakaci ya yi? Idan ɗaya ya ɓace, laifin da ake tuhuma ya faɗi. A Ingila a 1910 an yi wani mutum mai suna White da ya zuba wa mahaifiyarsa guba a abin sha don ya kashe ta. Aka tarar da ita a mace, kofin na gefenta. Da likitoci suka duba, sai suka ga ciwon zuciya ne ya ɗauke ta, ba gubar ba. Mugun nufi ya cika, gawa ga ta nan, amma ba hannunsa ne ya kashe ta ba, don haka laifin yunƙurin kisa aka kama shi da shi, aka wanke shi daga kisan kansa. Lamarin Pistorius kishiyar wannan ne. Aikin hannunsa a fili yake kamar rana. Abin da ke cikin ransa a 'yan daƙiƙun nan ne babu wanda ya gani.

Ga labarin da ya ba kotu. Ya ce ya farka cikin dare saboda zafi, ya tashi a kan dungun ƙafafunsa don ya shigo da fankoki daga bakin baranda. Yana cikin haka ya ji kamar an zuge tagar banɗaki. Tsoro ya kama shi, ya ɗauko bindiga, ya ce wa Reeva ta kira 'yan sanda yana zaton tana kan gado, ya bi lungun da ke kaiwa banɗaki yana ihu ɓarawo ya fita. Ya tarar da taga a buɗe, ƙofar makewayi a rufe. Ya ji motsi a ciki, sai ya yi harbi. Sai da ya koma ɗaki bai ga kowa a gado ba hankalinsa ya tashi. Ya sa ƙafafunsa, ya fasa ƙofar da sandar wasan kurket, ya ɗauko ta ya sauko da ita ƙasa tana zubar da jini.

Mai gabatar da ƙara, Gerrie Nel, ya ce duk wannan shiri ne. A cewarsa rigima suka yi, ta gudu ta kulle kanta a makewayi, ya bi ta ya harbe ta yana sane. Ya kawo maƙwabta da suka ce sun ji kururuwar mace a daren. Ya karanta saƙon waya da ta taɓa aika masa tana cewa wani lokaci tsoronsa take ji. Lauyan Pistorius, Barry Roux, ya ce kururuwar ta Pistorius ce bayan ya gane abin da ya yi, kuma ƙarar da maƙwabta suka ɗauka harbi ce ƙarar sanda ce a jikin ƙofa. Kai fa, mai karatu, da kai ne a kujerar alƙali, wa za ka gaskata?

Kafin ka amsa, ka san matakalar da dokar Afirka ta Kudu ta ɗora nufi a kai, don a kan wannan matakala aka yi duk kokawar. Ɗauki misalin mutumin da ya cinna wa ɗaki wuta wani ya mutu a ciki. Idan ya cinna ne don ya kashe na cikin, wannan nufi ne kai tsaye. Idan kayan ɗakin yake son ƙonawa amma ya tabbata mutumin da ke ciki ba zai tsira ba, shi ma nufi ne, ko da ba mutuwar ce burinsa ba. Idan kuwa bai tabbata ba, amma ya hango a ransa cewa mai yiwuwa akwai mutum kuma zai iya mutuwa, ya ce oho, ya ƙyasta ashana, to wannan shi ne mataki na uku, wanda lauyoyin can ke kira dolus ebentuwalis. Duk ukun kisan kai ne a dokarsu. A ƙasansu sai sakaci: bai hango komai ba sam, amma mutum mai hankali da natsuwa a matsayinsa da ya hango, da ya leƙa ɗakin tukuna. Wannan kisan sakaci ne, kuma hukuncinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ka lura da inda iyakar take. A mataki na uku ana tambayar abin da shi wannan mutumin ya hango a zahiri. A sakaci ana tambayar abin da ya kamata ya hango. Tsakanin "ya hango" da "ya kamata ya hango" akwai shekaru masu yawa na zaman kurkuku. A dokar ƙasar, wanda aka kama da kisan kai irin wannan, a laifinsa na farko, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 15 ne sai in an sami ƙwaƙƙwaran dalilin sassauci, wanda ya shirya kisan tun da farko kuma ɗaurin rai da rai. Kisan sakaci ba shi da mafi ƙaranci, alƙali ne ke auna shi.

An fara shari'ar a watan Maris na 2014 a babbar kotun Pretoria, ana nuna ta a talabijin. Mai shari'a Thokozile Masipa ce ta zauna da mataimaka biyu, don a can ba a amfani da taron masu taya alƙali yanke hukunci. A watan Satumba ta ba da hukunci. Ta ce shaidar maƙwabta ba ta kai a dogara da ita ba, lokutan kiran waya na daren sun fi dacewa da labarin wanda ake tuhuma, kuma gwamnati ba ta tabbatar da cewa ya san Reeva ce a ciki ba. Ta ce Pistorius mummunan shaida ne mai kauce wa tambaya, amma rashin iya ba da shaida ba ya zama hujjar laifi. Nufi kai tsaye ya faɗi ke nan.

Sai ta sauko mataki na uku, kuma a nan ne ƙafarta ta zame. Ta tambayi kanta ko ya hango cewa harbinsa zai iya kashe marigayiyar. Ta amsa da a'a, tunda a zatonsa tana ɗakin kwana. Ta kuma dubi yadda ya yi ta kuka da neman taimako bayan abin ya faru, ta ce wannan ba halin wanda ya nufi kisa ba ne. Daga nan ta sauka kan sakaci: mai hankali da zai kira masu gadi, ko ya fita baranda ya yi ihu, ba zai zazzaga wuta a rufaffiyar ƙofa ba. Ta kama shi da kisan sakaci, a watan Oktoba ta ɗaure shi shekara biyar. Bayan shekara ɗaya aka mai da shi gidan ɗan'uwan mahaifinsa ya ci gaba da zaman talala. Ran mace guda, shekara ɗaya a gidan yari. Ka ga inda kuskuren yake, mai karatu, ko sai an nuna maka?

Sake karanta tambayar da ta yi wa kanta. Ta tambaya ko ya hango mutuwar Reeva. Amma shi kansa ai bai ce babu kowa a makewayin ba. Cewa ya yi akwai mutum, kuma saboda akwai mutum ne ya yi harbin. Dokar kisan kai tana kare ran ɗan Adam ne ko wane ne shi, ba ta tambayar sunansa. Wanda ya yi kwanton ɓauna don ya kashe wane, duhu ya ruɗe shi ya kashe wani, ba zai tsira da cewa ba shi ya nufa ba. Tambayar da ta dace ita ce ko ya hango cewa mutumin da ke bayan ƙofar, ko wane ne, zai iya mutuwa, kuma ya yi harbin duk da haka. Kukan da ya yi bayan ya ga Reeva ce yana nuna bai so mutuwarta ba. Ba ya nuna komai game da abin da ya nufa da ɓarawon da yake zato.

A kan wannan gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Dokar ƙasar ba ta ba mai gabatar da ƙara damar sake buɗe batun abin da ya faru ba, sai dai ya nuna an yi kuskure wajen fassara doka. Saboda haka maganar ko ya san Reeva ce ta rufu har abada a idon kotu. Alƙalai biyar na kotun ɗaukaka ƙara ta ƙoli da ke Bloemfontein sun karɓi labarin Pistorius yadda yake, da ɓarawonsa da tagarsa da tsoronsa, suka ce to, a bisa labarinka, me ka hango?

Nan fa ake ganin yadda alƙali ke karanta zuciya ba tare da ya tsaga ƙirji ba. Ana karanta ta ne daga abin da hannu ya yi da abin da mai hannun ya sani. Makewayin ɗan ƙaramin ɗaki ne, tsawonsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, babu inda na ciki zai ɓuya. Bindigar mai ƙarfi ce, harsasan kuma irin waɗanda ke buɗewa ne idan sun shiga jiki su yi kaca-kaca da nama. Pistorius ba baƙon bindiga ba ne, ya yi horo a kanta, har ya ci jarrabawar da ke koyar da cewa ba a harbin abin da ba a gani ba. Kuma ba sau ɗaya ya harba ba, da za a ce firgita ce, sau huɗu ne. Kotun ta ce alƙaliyar farko ta yi watsi da shaidar ƙwararren ɗan sandan da ya auna hanyar da harsasan suka bi, alhali wannan shaida ce ke nuna cewa na cikin ba shi da mafita.

Amma abin da ya fi kama shi daga bakinsa ya fito. A lokacin da Nel ke yi masa tambayoyin ƙure, an tambaye shi me ya hana shi yin harbin gargaɗi tukuna. Ya amsa cewa da ya harba wajen wanka, harsashin zai iya dukan bango ya dawo ya same shi. Tsaya ka yi tunani a kan wannan amsa. Mutumin da ke cewa bai sami lokacin tunani ba, ashe ya sami lokacin lissafa inda harsashi ɗaya zai iya karkata ya cuce shi. Wanda ya hango wannan wa kansa, zai ce bai hango abin da harsashi huɗu za su yi wa wanda ke tsugune a ɗan akurkin ɗaki ba? Garin kare kansa daga tambaya ɗaya, ya ba kotu amsar babbar tambayar.

Saura mafaka ɗaya. Ko ba zai ce kare kansa yake yi ba, ko da bisa kuskure ne? Doka ta san wannan uzuri: wanda ya yi imani da gaske cewa ana shirin hallaka shi kuma doka ta ba shi damar harbi, ba shi da nufin aikata haram, ko da daga baya ta bayyana babu haɗarin. Sai dai Pistorius ya toshe wa kansa wannan ƙofa. A gaban kotu ya ce bai nufi harbin kowa ba, bindigar ta tashi ne kafin ya yi tunani. To wanda ya ce bai nufi harbi ba, ta yaya zai ce ya yi harbi ne da nufin kare rai? Bayan haka bai ga kowa ba, ba wanda ya nufo shi, ba wanda ya yi masa barazana, bai ma san ko yaro ne a ciki ko mai makami ba. Tsoro kaɗai, in ji kotun, bai isa ya zama imani cewa ka halatta jinin wanda ba ka gani ba.

Ni a ganina nan ne hukuncin ya fi nauyi, kuma daidai ne. Ba na raina tsoron mutumin da ke tsaye a kan dungu cikin duhu. Amma da kotu ta karɓi wannan uzuri, da ta ce wa duk mai bindiga a ƙasar ran wanda ake zato ɓarawo ne ba shi da daraja, a harbe shi ta bayan ƙofa a yi tambaya daga baya. Sau nawa wanda ke bayan ƙofar yakan zama ɗan gidan ne da ya dawo da dare?

Ranar 3 ga Disamba 2015 mai shari'a Eric Leach ya karanta hukuncin da alƙalan biyar suka haɗu a kai. Aka soke kisan sakaci, aka maye gurbinsa da kisan kai. Ba a kawo sabon shaida ko ɗaya ba, ba a ƙara harsashi ba, ba a sauya ko kalma a labarin daren ba. An gyara tambaya ɗaya ce kawai, mutumin ya hau daga matakin sakaci zuwa matakin nufi.

Da a Arewacin Najeriya abin ya faru fa? Kundin Final Kod na 1959 da jihohin Arewa suka gada shi ma a kan zuciya ya raba kisa. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya nufi kashewa, ko wanda ya sani, ko yake da dalilin sani, cewa mutuwa ce abin da aikinsa zai fi haifarwa, ba wai tana iya faruwa kawai ba. Abin da bai kai nan ba yana faɗawa ƙarƙashin sashe na 224, inda hukuncin ɗauri ne, daga rai da rai zuwa ƙasa. Ma'aunin ya ɗan bambanta da na Afirka ta Kudu, don a can hango yiwuwar mutuwa ya wadatar, a nan sai ta zama ita ce mafi rinjaye. Duk da haka ina ganin harsashi huɗu a irin wannan ɗaki zai yi wuya su kasa cika ma'aunin. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da raba kisan da aka yi da gangan, mai kai ga ƙisasi, da kisan kuskure, mai kai ga diyya, ko da yake gawa ɗaya ce a gaban alƙali.

Labarin bai ƙare da kama shi da kisan kai ba. Aka mai da shi gaban Masipa don ta sake yanke masa hukunci. A zaman ne lauyansa ya sa ya cire ƙafafun roba ya taka a gaban kotu a kan dungu, yana tangaɗi yana kuka, don a ga yadda yake a daren. A watan Yuli na 2016 ta ba shi shekara shida, wato shekara ɗaya tak a kan hukuncin sakaci. Da kai ne mai gabatar da ƙara, za ka haƙura? Ba su haƙura ba. Suka koma Bloemfontein, a watan Nuwamba na 2017 kotun ta ce hukuncin ya yi sauƙin da ya wuce misali, kuma babu dalilin sauka daga shekara 15. Ta cire abin da ya riga ya yi, ya rage shekara 13 da wata biyar.

An sake shi bisa sharaɗi ranar 5 ga Janairu 2024, zai kuma ci gaba da zama ƙarƙashin sa ido har zuwa ƙarshen 2029. Mahaifin Reeva ya rasu 'yan watanni kafin sakin. Mahaifiyarta ba ta hana a sake shi ba, amma ta aika wa hukumar da ke duba batun sakin da saƙo cewa har yanzu ba ta yarda da labarinsa na ɓarawo ba, a ganinta ya san 'yarta ce a ciki. Babu kotun da ta taɓa tabbatar da haka. A takardun shari'a, laifin da ya yi zaman kurkuku a kansa shi ne ya san akwai mutum a bayan ƙofa, ya san harbinsa na iya kashe shi, ya harba sau huɗu.